Yadda za ka gane ko an mayar ko ba a mayar ba a tambayar furobabiliti

Duk mai yi wa yaran SS lesin a nan Kaduna, ko a Tudun Wada ne ko Kawo ko Barnawa, ya san inda maki yake zubewa a takardar aikin furobabiliti, wato lissafin yiwuwar faruwar abu. Yaro ya iya sau, ya iya rage firakshan, amma da an ce an zaro ƙwallo biyu daga cikin jaka sai ya tsaya yana cizon biro, bai san ko a zaro na biyu jakar tana nan yadda take ko ta ragu ba. Kuma wallahi abin yana min ciwo, don irin tambayar nan tana fitowa a WAEC da NECO, maki ne na ɓagas ga wanda ya gane.

Bari mu ɗau jaka guda mu yi ta aiki da ita har ƙarshe. Akwai ƙwallo 8 a ciki, 5 ja, 3 shuɗi. An zaro biyu, ɗaya bayan ɗaya, ana so a san yiwuwar duka biyun su fito ja.

Kafin ka taɓa lissafi, fara da karanta tambayar har ƙarshenta, kar ka tsaya a lambobi. Yawancin lokaci mai tambaya yana faɗa ƙarara da Turanci cewa an mayar da na farkon kafin a zaro na biyu, ko kuma ba a mayar ba, sai dai sau da yawa a wutsiyar jimla yake maƙale maganar, inda ido ya riga ya gudu. Ja layi a ƙarƙashinta.

In an mayar, jaka ta koma yadda take, 8 ne a zaro na farko, 8 ne a na biyu, ja ma 5 ne duka biyun:

5/8 × 5/8 = 25/64

In ba a mayar ba fa, ƙwallon da ya fito yana hannunka, saura 7 a jaka, kuma tunda ja ne ya fita to ja ya koma 4:

5/8 × 4/7 = 20/56 = 5/14

Na farko wajen 0.39 ne, na biyu wajen 0.36. Kusa suke da juna, shi ya sa in yaro ya bi hanyar da ba ita ba amsar ba za ta yi masa kama da kuskure ba, kuma a objektif galibi za ka tarar an jera duka biyun cikin zaɓin.

To yanzu ga inda aikin yake, idan tambayar ba ta ce komai ba game da mayarwa. Ni abin da nake koya wa ɗalibaina shi ne su tambayi kansu abu guda, shin ainihin abin da ya fito a karon farko zai iya sake fitowa a karo na biyu? Ainihin shi kansa nake nufi, ba mai irin kalarsa ba. In zai iya, lissafin mayarwa za ka yi. In ba zai iya ba, rage jakarka.

Gwada shi ka gani. An jefa dayis ɗin ludo sau biyu, 6 ta fito a farko, za ta iya sake fitowa? Sosai ma, ai ba ta goge daga jikin dayis ba, don haka 1/6 × 1/6 = 1/36. Haka kwandala in an cilla ta sama, haka abin juyawa mai kibiya, waɗannan babu maganar ragewa a cikinsu ko da tambaya ba ta ambaci mayarwa ba. Amma an zaɓi ɗalibai biyu daga aji su wakilci makaranta, ko za a fitar da shugaba da sakatare daga cikin mutum 10, mutum ɗaya ba zai zama mutum biyu ba, to ba mayarwa. Yarinya ta ɗau alawa daga leda ta shanye ta sake ɗauka, nan ma ba sai an gaya maka ba. Kamar ƙuri'ar adashi ce dai, wadda sunanta ya fito ta kwasa, ba za a sake jefa takardarta cikin kwano ba sai zagaye ya ƙare.

Akwai wata da ke rikita har masu ƙoƙari, in aka ce an zaro biyu a lokaci ɗaya, hannu guda. Yara su ce ai babu na farko babu na biyu, me za a rage? Ba mayarwa ce ita ma, tunda ba za ka riƙe ƙwallo ɗaya sau biyu a tafinka ba. Lissafa ta kamar ɗaya bayan ɗaya, 5/14 ɗin nan za ka samu.

Sai kuma tambayar da aka ba ka kaso kawai ba a faɗi adadi ba, misali kashi 10 cikin 100 na ƙwan lantarkin wata masana'anta ba sa kamawa, an ɗau biyu. Nan ba ka da jimillar da za ka cire 1 daga ciki, kuma kayan suna da yawan da cire guda ba ya canza komai a zo a gani, sai ka yi 0.1 × 0.1 = 0.01 abinka.

Bayan ka yanke cewa ba mayarwa, a kula da lambar sama, nan ne ake yawan faɗuwa. Lambar ƙasa kullum tana raguwa da 1. Ta sama kuwa sai in irin abin da kake nema yanzu shi ne ya fita a baya. A jakarmu, a ce ana neman ja ɗaya shuɗi ɗaya. In ja ya fara fita, shuɗi yana nan 3 ɗinsa ba a taɓa shi ba, jimilla ce kawai ta koma 7. Kuma tunda ba a ce wane ne zai fara ba, hanya biyu ce, ja sannan shuɗi ko shuɗi sannan ja, dole a haɗa su:

(5/8 × 3/7) + (3/8 × 5/7) = 15/56 + 15/56 = 30/56 = 15/28

Wani tarkon kuma shi ne gaggawar rage firakshan. A ce 6 ne ja cikin 10, yaro ya mayar da 6/10 ta zama 3/5, sannan ya cire ɗai-ɗai sama da ƙasa ya samu 2/4. Kuskure ne, a jikin ainihin ƙwallayen ake cirewa, saura 5 ja cikin 9, wato 5/9. Don Allah ka bar ragewa sai a layin ƙarshe.

Kana iya duba kanka ma kafin malam ya duba ka. Lissafa duk abin da zai iya faruwa ka tara, dole ya ba ka 1. A namu ja biyu 20/56, shuɗi biyu 3/8 × 2/7 wato 6/56, gauraye 30/56, ka ga 56/56 kenan cif. In naka bai cika ba ko ya zarce, koma ka duba lambobin sama na zaro na biyu, galibi nan ɓarnar take.

Idan kuma ka yi duk wannan tambayar ta ƙi bayyana, kawai an ce an zaro biyu daga jaka an yi shiru, ni shawarata ka ɗauka ba a mayar ba, don wanda aka ce ya ɗauko abu biyu to abu biyu daban zai kawo. Amma ka rubuta a saman aikinka cewa ka ɗauka ba a mayar ba, saboda mai makin ya ga dalilin 7 ɗin da ke ƙasan firakshan ɗinka na biyu, in kuma aikin gida ne washegari ka tambayi malamin wanne yake nufi.