Yadda ake gane ko kuɗin ruwan banki riba ne ko asara

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya sayar da amfanin gonarsa, ya tashi da naira 500,000. A banki aka ce masa in ya kulle su shekara guda za a ba shi kashi 20 cikin 100. Maganar da daɗin ji, amma kashi 20 ɗin nan adadin takardun naira kawai yake ƙirgawa. Abin da takardun za su iya saya a kasuwa shi ne ruwa na haƙiƙa, kuma shi ake lissafawa kafin a sa hannu.

Da farko ka tambayi ma'aikacin banki: "Malam, wannan kashi 20 na shekara ne ko na wa'adin da zan kulle?" Kusan kullum na shekara ne. Wanda ya kulle na kwana 90, kusan kashi 5 zai gani.

Sai ka cire haraji. Ana yanke kashi 10 cikin 100 na ruwan tun kafin ya shigo asusunka. Ruwan manominmu naira 100,000 ne, haraji ya ɗauke 10,000, saura 90,000. Ke nan kashi 18 ya samu, kuma ƙarshen shekara yana da 590,000.

Yanzu nemo hauhawar farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na fitar da alƙaluman kowane wata, wajen tsakiyarsa. Na Disambar 2024 ta ce kashi 34.8 ne, wato kayan naira 100 a bara sun koma kusan 135. Mu ɗauka a irin wannan shekarar mutumin ya yi ajiyarsa.

Masu gaggawa sukan ɗebe kawai: 18 a cire 34.8, ya ba da asarar 16.8. Wannan hanya na aiki in alƙaluman ƙanana ne, amma da sun yi girma irin namu sai ta zarce gaskiya. Rabawa ake yi: naira ɗaya da ruwanta na kashi 18 ta zama 1.18, kayan naira ɗaya kuma sun koma 1.348. Danna wannan a kalkuletar wayarka:

1.18 ÷ 1.348 = 0.875

Duk abin da ya fito ƙasa da 1 asara ce. A nan kowace naira ta koma kwabo 87 da rabi, asarar kashi 12.5 ke nan.

In lambobin sun yi maka duhu, mayar da su buhu. A ce ranar ajiya buhun shanshera naira 50,000 ne, kuɗinsa buhu goma cif. In farashin ya bi hauhawar, bayan shekara buhu ya kai 67,400. Ya zo da 590,000 ɗinsa yana murna, alat ya nuna ƙarin dubu casa'in, amma da aka auna masa sai buhu takwas da kashi uku cikin huɗu na buhu. Buhu ɗaya da kwata sun tafi, ba ɓarawo ba gobara. Kafin ya mayar da buhunansa goma sai yana da 674,000, ya gaza da 84,000.

Amma a kula, kar a gwada farashin kaka da na bazara, don shinkafa dama tana sauka tana hawa da lokaci. Kaka da kaka ake gwadawa. Kuma abu ɗaya ba ya isa. Ni na fi yarda mutum ya rubuta abin da ya fi cin aljihunsa, kamar taki, fetur ɗin injin ban ruwa, magani da kuɗin makaranta, ya duba nawa suka tashi a shekara. Alƙaluman hukuma matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, na gidanka na iya fin su.

Asusun ajiya na yau da kullum ya fi muni. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kar ruwansa ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi babban bankin ya tsayar. A ƙarshen 2024 ma'aunin na kashi 27.5, wato mai ajiya na samun wajen 8.25.

Wanda ya ce shi ba ruwansa da kuɗin ruwa saboda addini, lissafin bai tsallake shi ba. Rabon ribar bankin Musulunci ko na sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, haka za ka raba shi da hauhawar. Kuɗin da ke kwance a akwati kuwa 1 ÷ 1.348 ne, sun rasa fiye da rubu'in ƙarfinsu.

Inda lissafin ke da iyaka shi ne, ruwan da aka yi maka alkawari na shekara mai zuwa ne, hauhawar da ke hannunka ta shekarar da ta wuce ce. Don haka ka yi shi sau biyu, ɗaya da alƙaluman yau, ɗaya da waɗanda kake zaton za a gani. Da hauhawar za ta sauko zuwa kashi 15, kashi 18 ɗin nan dai zai ba da 1.18 ÷ 1.15 = 1.026, ribar kashi 2.6.