Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Aka Turo Sauti Mai Hayaniya Ba Tare da Bayani Ba

Na gaji da ganin sababbin masu rubuce sauti suna hawan aiki da zarar an turo musu fayil, alhali ba a faɗa musu masu magana ba, ko harshen, ko abin da ake so a fitar.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne wanke sauti fiye da kima, domin na taɓa ɗanɗana kuɗarsa. An turo mini zaman sulhu na minti 40 da aka ɗauka da waya kusa da janareta, sai na buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, na ƙure Noise Reduction, wato abin rage hayaniya, kuma na adana a kan fayil na asali. Ƙarar janareta ta tafi, amma ta tafi da rabin maganar: muryoyi suka koma kamar daga cikin randa, "s" da "sh" suka dusashe, kuma "ba" ta ƙarshen jimla ta ɓace a wurare da dama, har ya zama ban iya tantance wanda ya yarda da wanda bai yarda ba. Wane irin ganganci ne mutum ya taɓa fayil ɗin da ba shi da kwafinsa? Tun daga ranar, a kan kwafi nake aiki, kuma da sauƙi nake farawa, da wannan umarni na ffmpeg, manhajar sarrafa sauti da bidiyo:

```
ffmpeg -i asali.opus -af "highpass=f=80,afftdn=nr=10" kwafi.wav
```

Wannan yana yanke gurnanin da ke ƙasa da 80 Hz, inda ƙugin wutar lantarki na 50 Hz yake, sannan ya rage hayaniya da 10 dB kawai. Ina ajiye na asalin a buɗe, duk kalmar da na yi shakka a kanta in koma can in saurara.

Na biyu shi ne ƙin yin tambaya. Kafin ka rubuta kalma ɗaya, saurari minti biyu a farko, biyu a tsakiya, biyu a ƙarshe, sannan ka tambayi mai aikin: kalma da kalma yake so, ko taƙaitawa, ko fassara, ko rubutun ƙasan bidiyo na SRT? Idan bai amsa ba, nakan rubuta kalma da kalma tare da alamar lokaci, saboda daga shi ake iya fitar da sauran, amma taƙaitawa ba ta komawa cikakken rubutu.

Kada ka yanke hukuncin harshe daga sallama, domin wanda ya buɗe da Hausa yana iya komawa Fulatanci ko Turanci a minti na 10. Kada ka laƙaba wa murya suna da ka, ka rubuta "Mai magana 1" har sai an ambaci sunansa a cikin sautin. Inda magana ta gagari kunne bayan saurare uku, rubuta [ba a ji ba, 12:35] ka wuce.