Kada ku ce wa yara kyanwa ta yi barci

'Yan uwa, wannan daga abin da na gani ne. Da kyanwar ƙanwata ta mutu, sai ta ce wa ɗanta mai shekara 4 wai barci ta yi. Kwana uku yaron bai yarda ya kwanta ba, tsoro yake kada shi ma ya kasa tashi.

Da na je, na zaunar da shi na ce: "Kyanwarmu ta mutu. Jikinta ya daina aiki, ba ta numfashi, ba ta jin ciwo, kuma ba za ta dawo ba." Ya yi kuka, na bar shi ya yi.

Yaro ƙasa da shekara 5 yakan ɗauki mutuwa kamar tafiyar da ake dawowa, shi ya sa washegari ya sake tambaya yaushe za ta zo cin abinci. Kada ku gaji, amsa ɗaya za ku riƙa maimaitawa.

Sai kuma abin da yaran ba sa faɗa: wannan yaron ya taɓa jan wutsiyarta, ashe yana zaton shi ya kashe ta. Ku riga shi cewa ba laifinsa ba ne, ciwo ne mai tsanani, ba irin murar da yake yi ba.