Yadda ake gwada farashin sabon littafin makaranta da na hannu a Legas

Kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa, ka fara sanin ainihin littafin da kake nema. Sunansa kaɗai bai isa ba. Rubuta sunan marubuci, da kamfanin da ya buga, da bugu na nawa ne, sannan ka ɗauki hoton lambar ISBN da ke bayan bango. Wannan lamba tana sauyawa daga bugu zuwa bugu, ita ce za ta raba maka gardama da mai shago. Ka kuma tambayi malamin darasin ko tsohon bugu zai yi, domin amsarsa na iya rage maka kuɗi sosai.

Bari mu bi sawun wani ɗalibi ɗan Agege da ke karatu a Jami'ar Legas, a Akoka, yana neman littafin kemistiri na ajin farko. Kuɗin da zan ambata misali ne, don a ga yadda lissafin ke tafiya.

Ya fara da shagon da ke kusa da makaranta, ba don ya saya ba, sai don ya ga na asali da idonsa. Aka ce naira 18,000. Ya riƙe littafin, ya ji nauyinsa, ya duba kaurin takarda da launin zane-zanen ciki, ya rubuta yawan shafuka. Wannan mataki ne da yawancin ɗalibai ke tsallakewa, alhali wanda bai taɓa riƙe na asali ba ba zai gane jabu ba.

Daga nan ya nufi Yaba. A wani shago sabo 16,500 ne. A teburin masu sayar da na hannu kuma an yi masa kuɗin wani 13,000, bugu ɗaya da wanda yake nema. Bai taya ba tukuna, ya rubuta a takarda ya wuce. Can gaba wani ya miƙo masa "sabo dal" a leda a kan 7,000.

A nan ake yin asara. Sabon da ya gaza rabin kuɗin na asali abin tuhuma ne. Ka ce a buɗe ledar. In aka ƙi, ka ajiye. Da aka buɗe masa, sai ga takarda shara-shara har rubutun baya yana leƙowa, zanen da ya gani mai launi ya koma baƙi da fari, ƙananan lambobin da ke ƙasan alamomin sinadarai sun dushe. A kemistiri kuwa, in ba ka iya bambance 2 da 3 a jikin alama ba, amsarka ta rushe. Gam ɗin bayansa ma da ya buɗe tsakiya sai ya ji ya yi ƙara. Irin wannan ba ya kai ƙarshen zango bai zube ba, ga kuma haƙƙin marubuci da aka danne.

Ojuelegba ba ta da nisa da Yaba, don haka ya hau danfo ya leƙa. Ya samu na hannu a kan 9,000, sai dai lambar bayansa ta nuna tsohon bugu ne. Da yake malaminsu yana ba da aikin gida daga tambayoyin ƙarshen babi, kuma tambayoyin sukan sauya a sabon bugu, sai ya haƙura da shi. Da a ce littafin ƙarin karatu ne kawai, ni a ganina wannan ne ya fi dacewa ya ɗauka.

Ya koma wajen mai 13,000, ya zauna ya bincika shi a tsanake. Ya bi lambobin shafi da babban yatsa don ya ga ko an yage wani wuri, musamman ƙarshe, inda amsoshi da jadawali suke. Ya shinshina, domin littafin da ruwan damina ya taɓa yana warin rima, takardunsa kuma sukan manne. Bai samu komai ba sai ja-layi da biro a babi biyu, da bango da ya ɗan naɗe.

Sai ciniki. Mai teburin Bahaushe ne dattijo, don haka ya ce, "Baba, an yi rubutu a ciki, ga bangon ma. Dubu goma."

"Albarka, ɗana."

Ya ƙara ɗari biyar, aka sake cewa albarka, a ƙarshe aka sallama a 11,000. Ka lura, aibin da ya gani da idonsa ne ya yi masa ciniki.

Kada ka manta da kuɗin mota. In zuwa Ojuelegba da dawowa ya ci 1,000, to littafin ya tsaya masa a 12,000 ke nan, rarar 6,000 a kan na shagon farko. Saboda littafi ɗaya tak, ƙetarawa zuwa tsibirin Legas wajen masu sayar da littattafai na unguwar CMS zai iya cinye rarar gaba ɗaya. Gara ku haɗa jerin littattafanku, ku uku ko huɗu, mutum ɗaya ya je. Kafin ka biya kuma, ku yi magana da mai littafin a kan zai canza maka in ka tarar da shafi ya ɓace, ka karɓi lambar wayarsa, domin mai tebur na bakin titi yana iya sauya wuri.