Daga Alli Zuwa Manajan Furojet: Inda Malamai Ke Zamewa a Intabiyu

Tambayar dai ɗaya ce kuma sai an yi maka ita: "Shekara bakwai kana koyarwa, me ya sa yanzu kake neman wannan aikin?" Mai tambayar ba raina aji yake ba. Tsoronsa kawai kar ya ɗauki wanda ya gudo daga wahala, bayan wata shida ya sake gudu.

Shi ya sa kuskuren da ya fi cutar da malamai shi ne fara amsa da ƙorafi. Albashi ba ya isa, yara sun yi yawa, na gaji da makin takardu. Ko da duk gaskiya ne, abin da ya shiga kunnen mutumin shi ne kowane aiki ka samu za ka karɓa. Ka faɗi abin da ya ja ka zuwa nan, wanda ya kore ka daga can ka bar shi a cikinka.

Sai kuma maganar nan da kusan kowa ke yi, wai "ai malami ma manaja ne, kullum ina kula da yara hamsin". Wannan tana ba ni tausayi saboda mai faɗinta da gaske ya yi aiki, sai dai bai nuna wanda ake nema ba. A wajen masu wannan sana'ar, furojet abu ne mai ranar farawa da ranar gamawa, kuma yana haifar da wani abu da babu shi a da. Shiga aji kullum, rubuta darasi, kiran suna, duk wannan aikin yau da gobe ne, ko hukumar PMI, mai ba manajojin furojet satifiket, ba ta ƙirga irinsa idan ka zo neman PMP, satifiket ɗinta na ƙwararru. To ka tono cikin shekarunka ka zaƙulo abu ɗaya da ya fara ya ƙare, kuma kai ka riƙe shi.

A ce wata malamar lissafi ce aka ɗora wa mayar da sakamakon jarabawa daga takarda zuwa kwamfuta. A CV ɗinta ta rubuta "na taimaka wajen harkar jarabawa", shi ke nan, ta binne aikin da hannunta. Ga yadda ya kamata ta ba da labarin: firinsifal ya ba ta sati 10 kafin ƙarshen zango, malamai 24 ne za su shigar da maki kuma ba ko ɗaya da ke ƙarƙashinta, cikinsu har da waɗanda suka girme ta a aiki. Ta raba aikin uku, tsara fom, horar da malamai, sannan gwaji da aji biyu kafin a buɗe wa kowa. A sati na shida gwajin ya nuna ana lissafa makin aikin gida sau biyu, sai ta je wajen firinsifal da zaɓi biyu, ko a ƙara sati biyu ko a bar manyan azuzuwa a takarda sai zango na gaba. Ya zaɓi na biyu, sakamako ya fita ranar da aka sa. Wannan wurin na sati na shida shi ne gwal ɗin, domin ta nuna ta iya rage girman aiki don ta tsare wa'adi, kuma ba ta ɓoye matsala ba, ta kai ta ga mai yanke hukunci.

Daga nan amsar tambayar farko ta fito da kanta: "A duk shekarun da na yi, wannan sati goman ne na fi jin daɗin aiki. Bayansa na karɓi irinsa guda biyu, na yi kwas, yanzu ina so ya zama shi ne aikina gaba ɗaya." Ba ta kai minti ɗaya ba.

Wani kuskuren shi ne jibga satifiket. Kwas na zane, na talla, na nazarin bayanai, duk a shafi ɗaya, wannan shi ke sa a ce mutum bai san inda ya dosa ba. Ka cire duk wanda bai shafi aikin ba. Mai digiri sai ya nuna wata 36 yana jagorantar furojet da awa 35 na horo kafin ya zauna PMP, in ba ka kai ba akwai CAPM, jarabawar satifiket ta masu farawa, awa 23 na karatu take nema, ka yi ta ka faɗa da ƙarfin gwiwa.

Kuma don Allah kar ka sauya sunan aikinka ka rubuta manaja inda takardar ɗaukarka ta ce malami, waya ɗaya zuwa makarantar ta isa ta tona. Haka kasafin kuɗi, in ba ka taɓa riƙewa ba ka ce ba ka taɓa ba, shi ya sa kake neman matakin mataimaki ko kodineta don ka koya a hannun wanda ya iya.