Yadda na gyara bugun zuciyar da ke dirar min bayan motsa jiki

Bayan na gama ɗaga ƙarfe da yamma, zuciyata takan yi ta dukan uku-uku, hannu na rawa, barci kuma ya ƙaurace. Sai na zauna na yi lissafin kafin, wato sinadarin "caffeine" mai hana barci, da nake sha a rana. Ƙwayar kafin ɗaya da safe, miligiram 200. Cokalin garin ƙara kuzari da nake damawa kafin atisaye, an rubuta 250. Kofin gahawa kuma kusan 90. Jimilla 540, alhali abin da hukumomin lafiya suka ce bai kamata baligi mai lafiya ya wuce ba a rana shi ne 400, a zama ɗaya kuma gwamma kada a haura 200.

Wannan lissafin ma bai cika ba. A bayan robar garin akwai layin da aka rubuta "proprietary blend", wato haɗin da ba a faɗi nauyin kowane sinadari ba. A ciki na ga "guarana" da "green tea extract", dukansu kafin ne a ɓoye, ga kuma "bitter orange" da "yohimbe" masu ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Abin da ba a auna min ba, ba na sha.

Na yar da garin. Ƙwayar kuwa na raba ta biyu na rage a hankali, don yankewa gaba ɗaya na kawo ciwon kai. Bayan azahar ba na taɓa kafin, tunda rabinsa na nan a jini bayan awa 5. Likita ta yi min gwajin zuciya na ECG, ya fito lafiya, ta ce in bugun ya zo da ciwon ƙirji, jiri ko suma, in wuce asibiti nan take.