Idan shadda ta zo ba launin da kika zaɓa ba

Ƴan uwa mata, ga abin da ya sami wata maƙwabciyata a unguwar Birni, nan Damagaram. Ta ga shadda ruwan hanta a waya, ta tura jaka 25 ga wata mai saye da sayarwa a Yamai. Da ta karɓo ƙunshin daga tasha ta buɗe, sai ga ja wur, ga biki saura kwana 6.

Abin da ya cece ta, ba ta kai wa tela ba, ba ta sa a ruwa ba. Yadi in almakashi ya taɓa shi, magana ta ƙare. Ta shimfiɗa shaddar a inuwar tsakar gida da hantsi, ta ɗora farar takarda a kai, ta ɗauki hoto. Takardar ce shaida: in ta fito fara sol, ba mai cewa hasken waya ne ya sauya launi. Kada ki ɗauka da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki.

Ta haɗa da hoton tallar ta aika, ta ce: "Hajiya, don Allah duba, ba wannan muka yi ciniki ba. In na mayar, kuɗin mota zuwa da dawowa na kanki. Ko ki rage mini jaka 7 in riƙe ta."

Hajiya ta ce 3, suka daidaita a 5. Ni a ganina faɗin adadi da bakinta shi ya taimaka. Kuma ba ta yarda da "sai ciniki na gaba" ba, ranar aka turo mata kuɗinta.